Abin da gaban kwali ke faɗa da abin da yake haɗiyewa

Rubutun da ake bazawa da manyan haruffa a gaban kwalin abinci ba kasafai yake zama ƙarya ba. Kamfanin da ya san ciwon kansa ba ya yarda ya buga abin da hukuma za ta kama shi a kai, shi ya sa lauyoyinsa ke bin kowace kalma kafin a kai wa maɗaba'a. Matsalar a wani wuri take. Kowace irin wannan magana amsa ce ga tambaya guda ɗaya mai ƙunci, wadda kamfanin ne ya zaɓe ta da kansa, alhali mai saye yana karanta ta tamkar amsar babbar tambayar da ke ransa: shin wannan abu zai amfani jikina? "Mai ƙarancin maiƙo", "ba a ƙara sukari ba" da "na halitta" duk suna zaune a layi ɗaya, da launi ɗaya, sai mutum ya ɗauka nauyinsu ɗaya. Ba haka ba ne. Ta farko tana da adadi a bayanta wanda za a iya aunawa a ɗakin gwaji. Ta biyu labarin abin da hannun mai sarrafawa ya yi ne, ba labarin abin da ke cikin kwalin ba. Ta uku kuwa kusan babu igiyar da ta ɗaure ta.

Adadin da ake amfani da su ba daga sama suka faɗo ba. Akwai hukumar Codex Alimentarius, wadda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1963, kuma a 1997 ta fitar da ƙa'idojin yin iƙirari a kan sinadaran abinci. Ƙasashe da yawa daga nan suke ɗebo dokokinsu. Tarayyar Turai tana da tata dokar ta 2006, mai lamba 1924, Amurka kuma hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, ce ke riƙe da ragamar yawancin abincin da ake ƙullewa a mazubi. Sun yi tarayya a abubuwa da dama, sun saɓa a wasu, kuma a wuraren saɓanin ne ake ganin inda aka bar ƙofa a buɗe.

A ma'aunin Codex da na Turai, ba za a ce abinci mai ƙarancin maiƙo ne ba sai maiƙon da ke cikin giram 100 bai wuce giram 3 ba. Idan abin sha ne, iyakar giram 1.5 ce a mililita 100. Wanda aka ce babu maiƙo a cikinsa kuwa an yafe masa har rabin giram. Wannan doka ce tsayayya, kuma a iya cewa tana aiki. Sai dai a lura da abin da ta yi shiru a kansa: ba ta ce komai a kan sukari ba, ba ta ce komai a kan gishiri ba, ba ta kuma ce kalori ya ragu ba.

Bari mu ɗauki robar yogot guda biyu mu ajiye su gefe da gefe. Alƙaluman na misali ne, amma irin waɗanda ake gani ne a bayan roba. Ta farko yogot ce zalla ta cikakkiyar madara, babu wani kirari a gabanta. A giram 100 tana da maiƙo giram 3.5, sukari giram 4.5, furotin giram 4. Ta biyu mai ɗanɗanon 'ya'yan itace ce, an rubuta mata "mai ƙarancin maiƙo" da koren launi. A giram 100 tana da maiƙo giram 1.5, sukari da sitaci giram 13 waɗanda 12 daga ciki sukari ne, furotin giram 4. Lissafin kalori ba shi da wuya: giram ɗaya na maiƙo yana ba da kalori 9, giram ɗaya na sukari, sitaci ko furotin yana ba da 4. Idan aka buga, ta farko ta tashi a wajen kalori 66, ta biyu a wajen 82. Wato wadda aka saya don a rage jiki ita ce ta fi nauyi. An gudu ba a tsira ba.

Idan robar ta giram 150 ce, mai shanye ta ya sha sukari giram 18. Wajen giram 7 daga ciki laktos ne, wato sukarin da madara ke zuwa da shi tun daga nonon saniya, kuma yogot zallar ma tana da shi. Ragowar giram 11 ɗin, galibinsu zuba su aka yi. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar sukari wajen giram 4, ke nan cokali uku saura kaɗan. Babu inda gaban robar ya yi ƙarya. Maiƙon dai ƙasa da giram 3 yake.

Me ya sa ake yawan samun haka? Saboda maiƙo ba kalori kaɗai yake kawowa ba. Shi ke ba abinci kauri da santsi a baki, shi ke riƙe ƙamshi, shi ke dakushe kaifin tsami. Da zarar an cire shi, yogot sai ta tsinke ta yi ruwa-ruwa, tsaminta ya fito fili, biskit kuma ya bushe ya zama kamar ana tauna takarda. Mai sarrafawa ya san babu wanda zai sake saye idan babu daɗi, don haka sai ya cike gurbin: sitaci da aka gyara ko jelatin don kauri, sukari don rufe tsami, wani lokaci gishiri. Duk wanda ya juya roba zai ga jerin kayan haɗin mai ƙarancin maiƙon ya fi na zallar tsawo, kuma wannan tsawon shi ne sawun abin da aka cusa.

Ya kamata a yi adalci a nan. Ba kowane abu mai ƙarancin maiƙo ne aka cika da sukari ba. Madarar da aka yaɗe mata maiƙo ba a ƙara mata komai ba, da gaske kalorinta ya kusa raguwa da rabi. Yogot zalla mai ƙarancin maiƙo ma haka. Iƙirarin yana da amfani a abin da ake iya cire masa maiƙo a bar shi haka nan. Inda ya zama abin dubawa shi ne abincin da aka haɗa daga abubuwa da yawa, irin su biskit, kek, miyar salak da kayan zaƙi, domin a can duk abin da aka cire sai an maye gurbinsa da wani.

Akwai kuma ɗan'uwansa da mutane ke rikita su, wato "an rage maiƙo", ko kalmar da ke nuna abin ya yi sauƙi ko shafal. Wannan ba shi da tsayayyen adadi, kwatance ne. Codex ta ce bambancin ya kai aƙalla kashi 25 cikin ɗari idan aka gwada da makamancinsa, Turai ta ce kashi 30, Amurka ta ce 25 ga kalmar "an rage". To amma kashi 30 na mene ne? Mayonis na yau da kullum maiƙonsa yakan kai giram 75 a cikin 100. A cire kashi 30, saura giram 52 da ɗoriya. Ya cancanci a rubuta masa "an rage maiƙo", amma ya ninka iyakar "ƙarancin maiƙo" fiye da sau goma sha bakwai. Biskit ma haka: a ce mai giram 30 na maiƙo an mai da shi 20, aka cike giram 10 ɗin da gari da sukari. An cire kalori 90, an mayar da 40, ragin 50 ne kacal daga wajen 500 da ke cikin giram 100. Maiƙo ya sauka da kashi ɗaya cikin uku, kalori ya sauka da kashi ɗaya cikin goma. Wanda ya ga rubutun ya ƙara ɗaukar guda ɗaya a kan wanda ya saba ci, ya riga ya cinye ribar.

Wata dabara da ta daɗe ana yi ita ce juya lissafin a kife, a rubuta "kashi 97 cikin ɗari babu maiƙo". Ma'anarsa dai kashi 3 maiƙo ne. A wannan salon, cikakkiyar madara ma kashi 96 da rabi babu maiƙo ce, tunda galibinta ruwa ne, alhali kusan rabin kalorinta daga maiƙo yake fitowa. Dokar Turai ta haramta irin wannan rubutu kai tsaye, kuma a ganina ta yi daidai.

Amurka tana da nata lungu, domin can ba a kan giram 100 ake yawancin aunawa ba, a kan kason da ake ɗauka mutum yana ci a zama ɗaya ne. Idan abin da ke cikin kason bai kai rabin giram ba, an yarda a rubuta sifili. Shi ya sa gwangwanin man feshi na girki, wanda kusan duk abin da ke cikinsa mai ne, zai iya nuna maiƙo sifili da kalori sifili: an ƙayyade kason ɗaya a matsayin fesawar da ba ta kai daƙiƙa guda ba, wajen kwata na giram. Babu mai girkin da ke fesa mai haka. Duk inda aka ga sifili a abin da hankali ya san ba sifili ba ne, sai a nemi girman kason da aka yi lissafi da shi.

Batun sukari ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma a nan ne aka fi yin asara, musamman masu ciwon sukari da iyayen da ke saya wa yara. Akwai maganganu uku masu kama da juna. "Babu sukari" yana nufin bai wuce rabin giram ba a giram 100 ko mililita 100. "Mai ƙarancin sukari" a dokar Turai yana nufin bai wuce giram 5 ba a abinci, ko 2.5 a abin sha. Waɗannan biyun suna faɗin yawan abin da ke ciki. Amma "ba a ƙara sukari ba" babu adadi ko ɗaya a tare da shi. Abu zai iya zama rabinsa sukari ne kuma ya ɗauki wannan rubutu bisa doka, muddin sukarin da kansa ya zo cikin kayan haɗin.

Jus na 'ya'yan itace shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Tataccen ruwan tuffa, wanda ba a zuba masa komai ba, yana da sukari wajen giram 10 a mililita 100. Na lemo yana tsakanin 8 da 9, na inabi yakan kai 15. Lemon kwalba mai gas irin baƙin nan yana da wajen giram 10 da rabi. Ke nan kofi ɗaya na ruwan tuffa mai mililita 250 yana ɗauke da sukari wajen giram 25, cokalin shayi shida, kusan daidai da lemon kwalba mai girmansa. Ɗaya an rubuta masa "ba a ƙara sukari ba" da hoton ganye da raɓa, ɗayan kowa ya san matsayinsa. Gaskiya ne jus ɗin yana da bitamin da wasu sinadarai da lemon kwalba ba shi da su, kuma ba a ce su ba komai ba ne. Amma a ɓangaren sukari, hanta da jini ba sa tambayar daga ina gulukos da furaktos suka fito.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta gane wannan, shi ya sa a shawarar da ta fitar a 2015 ba ta raba sukari zuwa wanda aka ƙara da wanda ba a ƙara ba. Ta ware abin da ta kira sukarin da ke sake, wato duk wanda aka zuba a abinci, haɗe da wanda ke cikin zuma, da ruwan zaƙi mai kauri, da jus, da jus ɗin da aka ƙafe. Ta ce kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, kuma idan aka sauko ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga mai cin kalori 2,000 a rana, wannan giram 50 ne da giram 25. Kofin jus ɗin nan guda ya cinye ƙaramar iyakar gaba ɗaya. Sukarin da ke cikin ɗan itacen da aka ci da tsokarsa, da laktos na madara, ba sa cikin lissafin. Dalilin shi ne a cikin tuffa sukarin a kulle yake cikin ƙwayoyin tsokarta tare da faiba, sai an tauna, sai ciki ya yi aiki, kuma mutum yakan ƙoshi kafin ya ci uku. Matsewa ce ke sako shi, sai a shanye ruwan tuffa biyu ko uku a cikin minti ɗaya ba tare da an ji komai ba.

Masu tsara doka ba su yi barci a kan wannan ba. Sharuɗɗan Codex na rubuta "ba a ƙara sukari ba" sun fi yadda mutane ke zato tsauri. Ba a zuba sukari kowane iri ba, har da zuma. Ba a sa kayan haɗin da shi kansa an zuba masa sukari ba, kamar jam ko cakulan mai zaƙi. Ba a sa wani abu mai sukari don ya tsaya a madadin sukari ba, kamar ƙafaffen jus ko niƙaƙƙen busassun 'ya'yan itace. Sannan ba a ƙara yawan sukarin ta wata hanyar ba, misali ta zuba sinadarin da ke farfasa sitaci ya koma sukari. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci, domin akwai abin sha na hatsi da kunun jarirai na gwangwani da ake sarrafawa ta haka: babu wanda ya ɗebi sukari ya zuba, amma sitacin ya narke ya zama maltos da gulukos, kuma zaƙin yana nan a harshe. Dokar Turai ita ma ta hana duk abin da aka sa domin zaƙinsa, kuma ta ce idan akwai sukarin da ya zo da kayan, a rubuta hakan a jikin kwalin.

To ina ɓarakar take? Tana cikin kalmar "domin". Wa zai tabbatar da niyyar da ta sa aka zuba niƙaƙƙiyar ayaba ko tuffa a abincin yaro? Kamfani zai ce don ɗanɗano ne, ko don kauri, ko kuma ya ce ai ita ce abincin kanta. Haka sandar ƙwalama da aka yi da busasshen inabi da dabino da gyaɗa: busasshen inabi sukarinsa ya kai wajen giram 60 a cikin 100, dabino ma haka ko fiye. Idan su ne rabin sandar, to ta tashi da sukari giram 30 ko ɗan fiye a cikin 100, kuma mai ita zai ce bai ƙara komai ba, kayan haɗinsa ne kawai. A ma'aunin launukan da Birtaniya ke amfani da shi a gaban kwali, duk abin da ya haura giram 22.5 ja ake sa masa. Abu ɗaya zai iya ɗaukar jan tambari da koren kirari a fuska guda, kuma duka biyun gaskiya ne. Ba na cewa sandar dabino da alewa ɗaya suke, don ta dabinon tana da faiba da ɗan abin gina jiki. Amma ga wanda likita ya ce ya kula da sukarin jininsa, bambancin bai kai yadda kwalin ke nunawa ba.

Akwai hanya ta biyu da abu ke yin zaƙi ba tare da an ƙara sukari ba, wato sinadaran zaƙi. Wasu ba su da kalori kusan sam, irin su asfatam, sukuralos da sitibiya. Wasu kuma dangin sobitol da maltitol ne, waɗanda ake yawan sa wa cingam da cakulan, kuma su suna da kalori, ƙasa da na sukari amma ba sifili ba. Hanji ba ya shanye su duka, shi ya sa idan an ci da yawa suke kumbura ciki har su sa gudawa. A Turai, idan sun wuce kashi 10 cikin ɗari na abincin, dole a rubuta gargaɗin haka. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da sinadaran zaƙi marasa kalori a matsayin hanyar rage ƙiba, ko da yake shawarar ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari ba. Duk abin da aka ce ba a ƙara masa sukari ba amma ya yi zaƙi sosai, galibi ɗayan biyu ne: ko zaƙin 'ya'yan itace da aka tattara, ko sinadarin zaƙi. Layin sukari a jadawalin sinadaran abinci da ke bayan kwali shi ke raba gardama. Idan adadin yana da yawa, na farko ne. Idan kusan sifili ne, sai a duba ƙarshen jerin kayan haɗi, za a ga sunan sinadarin.

Shi wannan jeri yana da ƙa'idar da ta sa ya fi gaban kwali amfani: ana jera kayan ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta. Masu sarrafawa sun san mutane sun fara duba ukun farko, don haka wasu sukan raba zaƙin gida-gida. Maimakon sukari giram 30 ya hau saman jeri, sai a sa sukari 12, ruwan gulukos 10, zuma 8, kowanne ya sauka ƙasa, hatsi ya zauna a sama. Duk kanwar ja ce, kuma jimillar tana nan a jadawali ba ta canza ba. Amurka ta ɗan sauƙaƙa wa mai saye a dokar da ta fitar a 2016, inda ta wajabta layi na musamman da ke nuna sukarin da aka ƙara daban da jimilla. A inda babu wannan layi, sai mutum ya yi irin lissafin da muka yi wa yogot: ya nemi zallar abin, ya ga sukarinta, ya cire daga na wanda ke hannunsa.

Saura "na halitta", wadda ta fi sauran daɗin ji kuma ta fi su rashin nauyi. Hukumar FDA ba ta taɓa yi mata ma'ana a doka ba. Abin da take da shi tsohuwar matsaya ce cewa ba za ta yi magana ba muddin ba a sa wa abincin wani abu na roba ko launi da ba a sa ran samu a cikinsa ba. A 2015 ta nemi jin ra'ayin jama'a a kan ko ya kamata ta fayyace kalmar, amma matsayar ta ci gaba da zama yadda take. Matsayar ba ta shafi yadda aka noma abin ba, ko maganin ƙwarin da aka fesa masa, ko amfaninsa ga jiki. Wannan shi ne bambancinta da tambarin noman da ba a sa takin zamani da maganin feshi na roba ba, wanda shi yana da dokoki da masu zuwa gona su duba. Sukari daga rake yake, gishiri daga teku ko ƙasa, kitse daga dabba. Abincin da aka haɗa da su ukun zalla ya cika sharaɗin tsaf.

Abin da ke faruwa da naman da ake adanawa a Amurka ya isa misali. An saba sa masa gishirin naitirait don ya hana ƙwayoyin cuta kuma ya ba shi jan launi. Da masu saye suka fara gudun sunan, sai wasu kamfanoni suka koma sa garin ganyen seleri, wanda Allah ya yi shi da naitiret mai yawa, a bar ƙwayoyin bakteriya su juya shi ya koma naitirait. Sinadarin da ya shiga naman shi ne dai wancan, aikinsa ɗaya, amma yanzu daga ganye ya fito, don haka kwalin ya samu damar yin kirari.

Inda Turai ta ɗaure kalmar da gaske shi ne kayan ƙamshi, a dokar 2008. Idan aka rubuta ƙamshin banila na halitta, aka ambaci sunan banilar, dole aƙalla kashi 95 cikin ɗari na abin ƙamshin ya fito daga ita banilar. Idan kuwa aka rubuta "ƙamshi na halitta" kawai ba a kama suna ba, to ya fito daga wani tsiro ko dabba ko ƙwayar halitta, amma ba lallai daga abin da aka zana a kwalin ba. Ana samar da sinadarin ƙamshin banila ta hanyar ba ƙwayoyin bakteriya wani abu da ake cirowa daga dusar shinkafa, kuma a doka na halitta ne. Jan launin da ake kira kamin, mai lamba E120, daga jikin wani ƙaramin ƙwaro ake samo shi. Ga yawancin mutane babu ɗayansu da ke da haɗari saboda asalinsa, sai dai ba shi ne hoton da ke zuwa ran mai karanta kalmar ba.

Wasu ƙasashe sun ga cewa muddin kamfani ne kaɗai ke zaɓar abin da za a faɗa a gaba, to abin da ya fi masa kyau zai ɗauko, sai suka sa hukuma ita ma ta yi magana a wurin. Chile ta fara a 2016 da baƙin tambari mai kusurwa takwas da ke cewa abu yana da yawan sukari, ko gishiri, ko daskararren kitse, ko kalori, Mexico ta bi sahu a 2020. A matakin ƙarshe na dokar Chile, iyakar sukari giram 10 ce a giram 100 na abinci, giram 5 a mililita 100 na abin sha. Yogot ɗinmu mai giram 12 za ta ɗauki baƙin tambarin a kusa da koren rubutunta, ta kowane ma'auni aka auna ta. Jus ɗin tuffa kuwa, da giram 25 ɗinsa a kofi, zai wuce ba tambari, domin dokar tana hawa ne kan abincin da aka ƙara wa sukari, shi kuma ba a ƙara masa ba.